Zugzuwang a wasan eshek: idan takin da ke hannunka ya zama masifa

Tambaya daga wani ɗalibi a unguwar Bagalam, Maradi: "Malam, barka da aiki. Muna buga eshek a fadarmu da yamma, ni kuma ina bugawa a waya. Na sha ganin an rubuta Zugzwang idan ana bayanin wasa. Mene ne shi? Sannan sau biyu ke nan ina saura da sarki da soja ɗaya, abokina sarki kaɗai, amma wasan ya tashi kunnen doki. Ina kuskuren yake?"

Barka kadai, ƙanena. Abu biyun nan da ka kawo tushensu ɗaya ne, kuma za ka ga haka da idonka idan ka shimfiɗa allo kana bin bayanin da hannu.

Kalmar ta Jamusanci ce, an haɗa ta daga kalmomi biyu: ta farko tana nufin taki ko motsa ɗan wasa, ta biyu tana nufin tilas. Wato tilascin taki. Dokar eshek ba ta yarda mutum ya ce "na haƙura, kai taka" ba. Idan layi ya zo kanka, kuma akwai takin da doka ta halatta, dole ka yi shi. A mafi yawan wasa wannan alheri ne, kowa yana son a ce shi ne da taki. Amma akwai tsayuwar da duk abin da ka taɓa sai ya lalata maka gida, alhali da za a bar ka ka zauna yadda kake, abokin karawarka ba shi da yadda zai yi da kai. Wannan hali shi ne zugzuwang. Ka lura da sharaɗin nan na biyu, domin shi ne ke bambanta shi da mugun matsayi kawai. Wanda ake shirin cinye wa sarauniya ko ya taka ko bai taka ba, yana cikin wahala, amma ba wannan ba ce. A zugzuwang ba barazanar abokin karawa ke kashe ka ba, ƙafarka ce ke kai ka rami.

Ka tuna ƴan kokowa biyu da suka sarƙe a tsakiyar fili, kowa ya kafa ƙafa, kowa ya san wanda ya fara ɗaga tasa shi zai sha ƙasa. A kokowa kana iya dagewa ka jira. A eshek alƙali yana tsaye a kanka yana cewa kai ne za ka ɗaga, yanzu.

Kada ka haɗa shi da pat. A pat, mai taki ba shi da ko taki ɗaya na halal kuma ba a kai wa sarkinsa hari ba, sai wasa ya tashi canjaras. A zugzuwang akwai taki, sai dai duk masu ɗaci ne. Tsakanin su biyun sau da yawa gida ɗaya ne tak, kuma a wannan gida ɗayan ne nasararka ta zube har sau biyu.

Bari mu fara daga ƙarshe, domin nan ne abin ya fi fitowa fili. Ɗora farin sarki a d6, farin soja a e7, baƙin sarki a e8. Babu kowa a allon sai su uku.

A ce baƙi ne da taki. Duba gidajen da ke kewaye da sarkinsa ɗaya bayan ɗaya. Gidan d8 da na f8, sojan yana tsaron su. Gidan d7 yana maƙwabtaka da farin sarki, ba ya shiguwa. Sojan da ke e7 ba ya ciwuwa, tunda sarkinsa yana dafe da shi. Saura f7 kaɗai. Baƙi ba ya son barin e8, don zamansa a nan shi ne ya tare wa sojan hanya, amma tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Ya tafi f7, farin sarki ya hau d7 ya riƙe gidan e8, a taki na gaba soja ya shiga ya zama sarauniya. An gama.

Yanzu mayar da su yadda suke, ka ce fari ne da taki. Sojan ba ya gaba, an tare shi. Sarki ne kaɗai zai motsa. Idan ya je e6, ya ci gaba da dafe sojansa, amma ya toshe f7, baƙi ya rasa taki gaba ɗaya: pat. Idan ya je ko'ina ban da nan, c7 ne ko c6 ko c5 ko d5 ko e5, ya saki sojan, baƙin sarki ya cinye shi. Kunnen doki ta kowace hanya.

Allo ɗaya, ƴan wasa uku, babu abin da ya sauya sai wanda ke da taki. Irin wannan ake kira zugzuwang na juna, domin kowanne daga cikinsu ya fi son a ce ɗan'uwansa ne zai taka. Duk wasan sarki da soja a kan sarki gardama ce a kan abu guda: idan an iso wannan tsayuwa, wa layi zai faɗa wa?

To mu ja da baya mu ga inda ake yanke hukuncin tun kafin a iso. Farin sarki a e5, sojansa a bayansa a e4, baƙin sarki a e7. Idan kana da manhajar eshek mai allon nazari, liƙa wannan ka samu tsayuwar, baƙi da taki:

```
8/4k3/8/4K3/4P3/8/8/8 b - - 0 1
```

Sarakunan biyu suna layi ɗaya, gida ɗaya ne tsakaninsu, suna kallon juna ido cikin ido. Littattafan Faransanci suna ce wa wannan opozisiyo, mu ce fuskanta. Ba wanda zai iya matsowa, domin sarki ba ya zama kusa da sarki. Wanda ke da taki shi ne zai kauce, shi ya sa ake cewa wanda ba shi da taki shi ne ke riƙe da fuskanta.

Abin da fari ke nema a nan gida uku ne: d6, e6 da f6. Ga sojan da ke e4, idan sarkinsa ya taka ɗaya daga cikin ukun nan, sojan zai zama sarauniya ko wa ke da taki. Muddin baƙin sarki yana zaune a e7, yana tsare duka ukun. Da zarar ya gusa, ɗaya zai buɗe.

Baƙi ne da taki, dole ya gusa. A ce ya je d7. Daga nan yana tsare d6 da e6, amma f6 ta kuɓuce masa, sai farin sarki ya shige f6. Baƙi ya ruga e8 don ya tare gaban sojan. Nan fari ba ya gaggawar tura soja, sai ya koma e6 ya sake fuskantar baƙi, ya sake jefa shi cikin tilas. Baƙi ya kauce zuwa d8, fari ya hau f7. Tsaya ka kalli allon a nan: daga f7 farin sarki yana riƙe da e6, e7 da e8, wato duk hanyar da ta rage wa sojan bayan e5. Sojan ya taka e5, e6, e7, e8, ba mai taɓa shi. Ga yadda za ka gan shi a waya:

```
1... Kd7 2. Kf6 Ke8 3. Ke6 Kd8
4. Kf7 Kd7 5. e5 Kc6 6. e6 Kd6
7. e7 Kd7 8. e8=Q+
```

Harafin K sarki ne a rubutun Ingilishi, Q kuma sarauniya. Idan wayarka ko littafinka na Faransanci ne za ka ga R a madadin K, D a madadin Q. Ka yi hattara da wannan, domin R ɗin nan a rubutun Ingilishi hasumiya yake nufi, kuma ya rikita mutane da yawa a nan wajenmu.

Da baƙi ya zaɓi f7 a takin farko, fari sai ya bi ta ɗaya gefen zuwa d6. Da ya ja da baya e8, fari sai ya matso e6. Da kuma, bayan fari ya shiga f6, baƙi ya zo d6 yana neman zagayowa ya ci sojan, sai a tura sojan e5 da hari a kan sarkin, ya koma d7, fari ya hau f7, a koma labarin ɗazu.

Yanzu ga ɓangaren da ya shafe ka. Mayar da tsayuwar, amma fari da taki. Sojan ba ya motsi, sarkinsa ya tare shi. Sarkin ba ya gaba. Dole ya kauce gefe, a ce d5. Baƙi ya bi shi kamar inuwa zuwa d7, fuskanta ta dawo, kuma har yanzu fari ne da taki. Ya koma e5, baƙi ya koma e7. Ya gwada f5, baƙi ya je f7. Ba ƙofa. Ƙarshenta fari ya gaji ya tura sojan: sarki a d5, baƙi a d7, soja e5. Baƙi ya zo e7, kuma wannan ne kaɗai takin da ke cetonsa, domin kowane taki daban yana barin farin sarki ya hau sahu na shida a gaban sojansa. Fari ya ƙara tura soja e6.

A nan ne ake bambance wanda ya sani da wanda ke taka sa'a. Baƙin sarki yana e7, dole ya ja da baya, kuma gidaje uku ne a bayansa: d8, e8, f8. Ɗaya ne kawai daidai. Dole ya koma e8, kai tsaye a bayansa, a kan layin sojan. Dalili: fari zai matso d6, sai baƙi ya amsa da d8 ya fuskance shi. Fari ya tura soja e7 da hari a kan sarki, baƙi ya koma e8, sai ga mu a tsayuwar farko da muka duba, fari ne da taki. Pat ko asarar soja.

Amma a ce baƙi ya yi kuskure ya koma d8 tun farko, abin da hannu ke son yi tunda can farin sarki yake. Fari ya zo d6, shi ne yanzu ya karɓi fuskanta. Baƙi ya je e8, soja ya taka e7, ga tsayuwar nan dai, sai dai wannan karon baƙi ne da taki. Ya fita f7, wasa ya tafi. Taki ɗaya a kaikaice maimakon a miƙe, shi ne tsakanin rabin maki da faɗuwa.

Akwai alamar da tsofaffin ƴan wasa ke koya wa yara, kuma tana aiki a irin wannan tsayuwa: ka saurari yadda sojan zai shiga sahu na bakwai. Idan ya shiga da hayaniya, wato yana kai wa sarki hari, canjaras ne. Idan ya shiga shiru, babu hari, nasara ce. Hikimar ita ce, idan akwai hari, baƙin sarki yana gefe ne, zai shigo gaban sojan ya bar maka taki. Idan babu hari, ya riga ya shiga gaban, kuma shi ne layi ya faɗa wa.

Ban ga wasanninka biyu ba, amma kuskuren da ke haifar da irin sakamakon da ka faɗa kusan kullum ɗaya ne: an tura soja gaba, sarki yana biye da shi a baya. Mai soja ɗaya yana ganin sarauniya a idonsa, hannunsa yana ƙaiƙayi, kowane taki sai ya ƙara wa sojan gida. Sojan da ya wuce sarkinsa kuwa ba ya dawowa. Idan baƙin sarki ya samu ya zauna a gabansa kuma ya san dabarar komawa a miƙe, ko zakaran duniya ne ke riƙe da fari ba zai ci wasan ba. Sarki ne ke share hanya, soja ya biyo. Ka ɗauke shi kamar makiyayin da ke shiga gaba, garke na bin sawunsa.

Akwai riba ta biyu a barin soja a baya, kuma ni a ganina ita ce mafi daɗi a duk wannan babi. Koma tsayuwar da fari ya kasa ci: sarki e5, baƙin sarki e7, fari da taki. Ja sojan baya gida ɗaya, daga e4 zuwa e3. Yanzu fari yana da abin takawa da ba sarki ba. Ya tura sojan e4, sarkinsa bai gusa ba, layi ya koma kan baƙi, shi ne cikin tilas. Wannan shi ne takin ajiya, guzurin da ake ɓoyewa don ranar da za a so miƙa wa abokin karawa taki. Duk lokacin da ka tura soja ba gaira ba dalili, guzurin nan ka ci tun ba a fita gari ba. A ƙarshen wasa mai sojoji da yawa, inda sarakuna suka kafe suna kallon juna, abin da gwanaye ke yi shi ne ƙirga: ni takin banza nawa ya rage mini a ɗaya gefen allo, shi nawa? Wanda nasa ya fara ƙarewa shi zai motsa sarki. A wannan ƙirgar kada ka manta sojan da bai taɓa motsi ba yana da zaɓin taka gida ɗaya ko biyu, kuma wannan zaɓin kaɗai yana iya juya lissafin.

Dokar tana da iyaka biyu da ya kamata ka riƙe. Ta farko alheri ce ga mai soja: idan sarkinka ya kai sahu na shida a gaban sojansa, ba ka damu da wa ke da taki ba. Sarki e6, soja e5, baƙin sarki e8, kuma kai ne da taki. Ka je d6, ya fuskance ka a d8, ka tura soja e6. Wannan turawar ita ce takin ajiyarka. Ya je e8, soja ya shiga e7 shiru. Abin da ya sa ta ci a nan ba ta ci ɗazu ba shi ne baƙi ya jingina da bangon allo, ba shi da sauran wurin ja da baya.

Ta biyu akasin haka ce. Sojan gefe, na layin a ko na h, ba ya bin wannan lissafi. Farin sarki h6, soja h5, baƙin sarki h8, baƙi da taki. Ya fita g8, fari ya zo g6, ya koma h8, soja h6, ya fita g8, soja h7 da hari, ya koma h8. Yanzu fari ko ya dafe sojan ya yi pat, ko ya sake shi. Babu layi a bayan h da za a kora baƙi zuwa cikinsa, don haka tilas ɗin ba ta samun inda za ta tura shi. Idan kai ne marar soja, kuma sojan abokinka na gefe ne, ka nufi lungun nan da gudu. Idan kai ne mai rinjaye kuma ana musayar ƴan wasa, ka yi ƙoƙari sojan da zai rage maka ya zama na ciki.

Bari in ƙara maka tsayuwa ɗaya, don a cikinta farashin ya fi tsada: ba rabin maki ake rasawa ba, wasan dungurungum. Farin soja a e4, baƙin soja a e5, sun yi karo ba mai gaba. Farin sarki a d5, baƙin sarki a f4. Kowane sarki yana dafe da sojansa, yana kuma harin na ɗan'uwansa. Fari da taki: d4 ba ta shiguwa saboda baƙin soja, sauran gidajen kuwa duk suna raba shi da e4. Ya saki, baƙi ya cinye sojan, kuma sarkinsa ya samu shiga gaban nasa sojan, ya ci wasa. Baƙi da taki, haka abin yake a juye. Gaba kura, baya sayaki, ga duk wanda layi ya faɗa wa.

Amfanin sanin ta shi ne yadda ake tunkararta. A ce farin sarki yana c6, baƙin yana g4, fari da taki. Ido yana jan mutum zuwa d5, tunda can ne ake dafe soja a kai hari lokaci guda. Ka taka d5, ya amsa da f4, ka mutu. Takin daidai shi ne d6: ka kai wa e5 hari daga nesa da tarkon. Dole ya zo f4 ya kare, sannan ka sauko d5, shi ne da taki. Gidajen d5 da f4 kamar tarko ne mai baki biyu, wanda ya fara shiga nasa shi ya kama kansa.

Wannan abu ya girmi sunansa nesa ba kusa ba. Masanan shaɗaranji na zamanin daular Abbasiyawa, wasan da eshek na yau ya samo asali daga gare shi, sun tsara matsalolin da ake warwarewa da tilascin taki tun ƙarni na 9. Sunan na Jamusanci ya bayyana a rubuce-rubucen eshek a ƙarni na 19, sauran harsuna suka ara. Yawanci a ƙarshen wasa ake ganinsa, domin idan allo ya cika ba a rasa takin banza da mutum zai yi ya wuce. Shi ya sa ake yawan ambaton wasan da Nimzowitsch ya ci Sämisch a birnin Kopenhagen a 1923: sarauniyoyi da hasumiyoyi duk suna allo, Nimzowitsch, mai baƙi, ya tura sojan gefe gida ɗaya a taki na 25, fari ya duba bai ga takin da ba zai jawo masa asara ba, ya miƙa wuya.

Ko mat, wato harin da sarki ba shi da mafita daga gare shi, na sarki da hasumiya a kan sarki kaɗai, da za ka koya nan gaba idan ba ka riga ka iya ba, da wannan tilas yake tafiya. Akwai inda za ka ja hasumiyar gida ɗaya ba don komai ba sai don abokin karawa ya taka da kansa zuwa inda kake so.

Abin da zan ba ka ka yi a fada kafin shayi na biyu ya nuna: ku ɗora tsayuwar e5, e4, e7, kai da abokin nan naka. Idan ƴan wasan sun ɓace, marfin kwalba uku ya isa. Ku buga ta sau huɗu: kana fari da taki, kana fari babu taki, sannan ku juya allo ku maimaita. Mai baƙi ya riƙa faɗin gidan da zai je da baki kafin ya taɓa sarki, musamman idan soja ya iso e6. Idan kun ga sakamako yana fitowa daidai kowane karo, ku matsar da duka ukun zuwa layin c ko f ku sake, daga nan ku kai su layin h ku ga inda lissafin ya daina aiki.